An kawo miki kaya a fashe, mai shago ya ce "no rifon": ga inda ƙa'idarsa ta tsaya da inda haƙƙinki ya fara

Kusan duk rasit ɗin da za a baki a shagunan kayan wuta akwai rubutun nan a ƙasansa da ƙananan baƙi, cewa kayan da aka sayar lafiya ƙalau ba a dawo da su, su kuma masu sayarwa a WhatsApp da Instagram sun mayar da shi kalma huɗu a sitatus, no rifon no ritan. Mutane da yawa sun ɗauka wannan rubutun doka ne, shi ya sa za ki ga mace an kawo mata kaya a fashe ta yi ta kuka ita kaɗai ta ce ai dama sun rubuta, ta haƙura da kuɗinta. Gaskiya abin nan yana min ciwo, domin rubutun ba doka bane, ƙa'ida ce da mai shago ya tsara wa kansa, kuma akwai iyakar da ba zata iya tsallakawa ba.

Bambancin a taƙaice shi ne: ƙa'idar mai shago tana aiki ne idan kaya lafiyarsu ƙalau ke ce kika canza ra'ayi. Kin yi odar leshi ruwan goro, an kawo ruwan goro, kin gani ya fita a ranki, toh nan idan ya ce ba ya karɓa yana da gaskiyarsa, idan ya karɓa alfarma ya yi miki. Amma idan kaya sun iso a lalace, ko ba su ne aka nuna miki ba, maganar ta bar hannun ƙa'idarsa ta koma hannun doka. Yana iya ƙara miki a kan abin da doka ta baki, misali ya ce ko ba aibi in kin dawo da kaya cikin kwana 7 zai karɓa kamar yadda wasu manyan shafukan sayayya ke yi, amma ba zai iya rage miki ba.

Dokar da nake nufi ita ce dokar gasa da kare haƙƙin masu sayayya ta Najeriya ta shekarar 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa FCCPC, hukumar gwamnatin tarayya da ke kare haƙƙin masu sayayya. Ba sai kin haddace ta ba, sashe huɗu kawai za ki riƙe. Sashe na 122 ya ce kayan da baki samu damar dubawa ba kafin a kawo miki, in kika ƙi karɓarsu cikin lokacin da hankali zai ɗauka saboda ba su dace da abin da aka siffanta miki ba ko ba su kai ingancin da aka yi ciniki a kansa ba, kina iya mayarwa a baki kuɗinki cif. Sashe na 132 ya ce cikin wata 3 daga ranar da aka kawo kaya, in suka kasa cika ingancin da ya kamata, kina iya mayar da su ba tare da an ci ki tara ba kuma kuɗin mayarwar a kan mai sayarwa yake, shi kuma ko ya gyara ko ya canza ko ya biya. Sashe na 129 ya haramta duk wani sharaɗi da zai ƙwace wa mai saye haƙƙin mayar da kaya masu aibi, wato nan ne no rifon ke faɗuwa. Sai sashe na 145 wanda mutane ba su cika sani ba, ya ce in aka yi zargin kaya na da aibi, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya sayar. Kuma an gwada wannan a kotu, a 2022 wata babbar kotu a Enugu ta yanke cewa tsarin ba a mayar da kuɗi na kamfanin sufuri na Peace Mass Transit ya saɓa wa wannan doka, ta sa su biya fasinjan diyyar naira 500,000. Shari'ar tikitin mota ce ba ta kaya ba, amma dokar ɗaya ce.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce kina Gusau, kin ga talabijin inci 43 a wajen wani mai shago a Kano ta WhatsApp, ya turo miki hoto ya ce sabuwa ce dal a kwali, kuka daidaita a naira 250,000, ya ce ki ƙara 8,000 na dilibari shi zai sa a mota. Kin tura 258,000 a akawun ɗinsa. Washegari direba ya kira, yaronki ya je tasha ya ɗauko, kuna buɗewa kuka jona sai ga layi-layi baƙi a gefen sikirin da tsagewa daga kusurwa. Kin kira shi ya ce, "Hajiya kiyi haƙuri, mu lafiya muka bayar, kaya in sun bar shago ba ruwanmu, duba rasit."

Matakin farko tun kafin a buɗe kwali ne

Yawancin rigimar nan a minti goman farko ake cinta ko a faɗi. Da kwali ya iso kada ki yi gaggawar yanka salatif, fara ɗaukar bidiyo tukuna, ki zagaya kwalin ta kowane gefe a ga ko ya lotsa, ko ya jiƙe, ko an taɓa buɗe shi an sake liƙewa, a ga takardar webil ko rubutun da aka yi da maka a jikinsa. Daga nan a buɗe ana ɗauka, bidiyo ɗaya miƙe ba a tsayar ba, a fito da kayan, a nuna lambar da ke bayan talabijin ɗin ta dace da ta jikin kwali, a jona wuta a kunna duk a cikin bidiyon. Dalilin da ya sa nake cewa kar a tsayar shi ne abu na farko da mai shago zai ce shi ne a hannunku ta faɗi, in bidiyon ya yanke a tsakiya kin bashi ƙofar wannan maganar. Eh doka ta ɗora masa nauyin hujja, amma shi ma zai iya kawo nasa bidiyon na gwaji a shago ya ce ga ta tana aiki, sai a koma tambayar a ina ta fashe, kuma nan bidiyonki ne zai yi magana.

In da hali a buɗe a gaban wanda ya kawo. In ɗan dilibari ne ya zo har gida ya miƙo takarda a sa hannu, a duba kafin a sa, in kuma ya ce sauri yake toh a rubuta a jikin takardar cewa an karɓa ba a duba ba, ko kwali ya lotsa in ya lotsa, a ɗauki hotonta. In a tasha ne a buɗe a gaban direba da ɗan yuniyon ɗin da ya rubuta saƙon, a riƙe lambar direba da lambar mota. Kuma dan Allah kar a yar da kwali da farin soson da ke ciki, yara kan ɗauke su su yi wasa kafin a ankara, alhali su ne ke nuna ko an shirya kayan da kyau ko an cusa su ne haka nan.

Na biyu, wa ya ɗauko direban?

Nan ne wajen da ya kamata a tsaya sosai domin shi ne ke canza komai, kuma masu cewa "doka tana bayanki" a intanet ba su cika faɗarsa ba. Tsohuwar dokar ciniki ta 1893 da muka gada, wadda jihohi da dama suka yi tasu a kanta, tana ɗaukar cewa in an yarda mai sayarwa ya aiko da kaya ta hannun mai sufuri, miƙa wa mai sufurin kamar miƙa wa mai saye ne, sai dai in yarjejeniyar ta nuna akasin haka. Da wannan masu shago ke kafa hujja in suka ce ba ruwanmu. Amma dokar dai ta ɗora wa mai sayarwa ya yi shiri mai ma'ana da mai sufurin gwargwadon irin kayan, in bai yi ba kaya suka lalace a hanya mai saye na iya ƙin ɗaukar wannan miƙawar a matsayin an bashi.

Saboda haka ki koma cikin hirarku ki duba yadda aka yi. In ke kika ce masa ga lambar direbana ka bashi, ya gwada talabijin ɗin a gaban direban tana aiki, ya shirya ta da kyau, toh matsayinki a kan mai shago ya yi rauni sosai, rigimarki da direba ce da tashar da ya yi lodi, can za ki je wajen shugabannin yuniyon. In kuwa kamar misalinmu ne, shi ya ce kawo 8,000 zan kai miki Gusau, shi ya karɓi kuɗin a akawun ɗinsa, shi ya zaɓi motar, ke baki ma san direban ba sai da ya kira, toh kina da ƙarfin cewa cinikin da kuka yi na talabijin mai lafiya ne da za ta iso Gusau, shi ya je ya nemi direbansa su daidaita. Ƙarfin yana ƙaruwa in ya zamana an ɗora ta a kwance an danne da buhuna, ko an cire soson ciki, ko ba a rubuta komai a kwali da ke nuna abin fashewa bane, talabijin ai a tsaye ake ɗaukarta kowane mai sayar da ita ya san haka.

Shi ya sa tun ranar ciniki yana da kyau ki rubuta masa tambaya ɗaya kafin ki tura kuɗi: "Alhaji, in ta lalace a hanya wa zai ɗauki asara?" Amsar da ya rubuto ki yi mata sikirinshot. In ya ce shi ne shikenan, in ya ce ke ce toh kin sani tun da wuri sai ki zaɓi ki tura wani naki ya duba ya ɗauko ko ki fasa.

Akwai kuma bambanci tsakanin lahanin hanya da lahanin asali. Tsagewar sikirin daga kusurwa da kwali a lotse daidai wajen, wannan bugu ne. Amma kwali garau, sikirin garau, an kunna taƙi kawowa ko tana ɗaukewa bayan minti biyar, wannan ba aikin direba bane, maganar wa ya ɗauko mota ma bata taso ba, kai tsaye mai shago ne.

Na uku, ki ƙi kayan a rubuce a ranar

Doka ta ce cikin lokacin da hankali zai ɗauka, bata ƙirga kwanaki ba, don haka kar ki tsaya gwada tsawonsa, ranar da kika gani ranar za ki rubuta. Kuma rubutu, ba kiran waya ba, in ma kun yi waya ki bi shi da saƙo cewa kamar yadda muka yi magana yanzu. Ga irin abin da za ki tura tare da bidiyon:

"Salamu alaikum Alhaji. Talabijin inci 43 da na biya naira 250,000 da 8,000 na dilibari ta iso yau da yamma, mun buɗe mun tarar sikirin a tsage, ga bidiyon buɗewar. Ban karɓi wannan kayan ba domin ba haka muka yi ciniki ba. Ina neman a dawo min da kuɗina, kayan suna nan a kwalinsu ka faɗi yadda za a mayar maka. Ina jiran amsarka nan da kwana 7."

Lura da jimlar "ban karɓi wannan kayan ba", ita ce zuciyar saƙon. In kika ƙi kaya da wuri kina ƙarƙashin sashe na 122, abin da ya baki shi ne kuɗinki cikakke. In kika yi shiru kika rataye ta a bango ana kallo da tsagewar sati uku, sannan kika taso, kin koma dogaro da sashe na 132, wanda a cikinsa mai shago zai iya cewa gyara zan yi ko canji, kuma ya samu bakin cewa a gidanki ta tsage. Saurin ƙin kaya shi ke raba mai karɓar kuɗi da mai jiran gyara. Daga lokacin da kika tura saƙon a daina amfani da kayan, a mayar kwali, kuma kar a kai wa mai gyaran unguwa ya buɗe "ya duba kawai", da zarar ya kwance noti ɗaya an samu abin da za a ɗora wa laifi.

Na huɗu, amsoshin da zai baki

Zai ce duba rasit. Ki ce masa cikin ladabi rasit ɗin yana magana ne a kan kayan da aka sayar lafiya, waɗannan kuwa ba lafiya suka iso ba, kuma sashe na 129 bai yarda da sharaɗin da ke hana mayar da kaya masu aibi ba ko da an sa hannu a kansa. Zai ce je ki wajen kamfani akwai waranti. Warantin kamfani ƙari ne, kuma yawancinsa baya ɗaukar fashewar sikirin, in kika tafi can za su dawo da ke ne bayan an ci sati biyu, wanda ya karɓi kuɗinki shi ne abokin maganarki. Zai ce toh ki zaɓi wani abu a shagon na daidai kuɗin. In kina so babu laifi, amma in kin ƙi kaya da wuri ba dole bane ki karɓi firji alhali talabijin kike nema. Zai ce a raba asara biyu, wannan ma sulhu ne ba hukunci ba, kuma ni a ganina in ke kika kawo direba tayin rabi abu ne da ya kamata ki duba da kyau, in kuwa shi ya zaɓi direba bai kamata ki fara daga rabi ba.

In ya yarda a mayar, kar ki ɗora a mota haka kawai. A fara rubuta abin da aka yarda, canji ne ko kuɗi, nawa, wace rana, wa zai biya mota, sannan ki sake bidiyon shiryawa, kuma ya zama shi ya turo direba ko ya amince da direban a rubuce, kar ta ƙara fashewa a hanyar komawa a ce ke ce. In gyara kika yarda da shi a rubuta ranar da za a gama.

Wani abu da ke taimakawa a kasuwanninmu fiye da ambaton sashe, shi ne tuna wa mutum cewa wannan ba baƙon hukunci bane. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe suna karantar da cewa wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ke jikinsa tun kafin ciniki wanda ba a nuna masa ba yana da zaɓin mayarwa, kuma kowa ya san hadisin tarin abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa. Da yawan 'yan kasuwa in aka zo musu ta nan cikin mutunci suna saukowa.

Na biyar, in ya ƙi

Ki fara da shugabannin kasuwar ko na layin da shagonsa yake, ki samu wani naki a Kano ya je da bidiyon da alat ɗin tiransifa da sikirinshot na hira, sau da yawa nan ake gamawa domin ɗan kasuwa baya son a kira shi ofishin ƙungiya a kan kwastoma. In bai yiwu ba sai ƙorafi ga FCCPC ta shafinsu fccpc.gov.ng, ko hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta jiha inda akwai, Kano tana da tata. Za su buƙaci sunan shagon da adireshinsa, shaidar biya, da shaidar cewa kin nemi mai shagon ya ƙi, shi ya sa saƙon nan mai wa'adin kwana 7 yake da amfani. Doka kuma ta baki damar zuwa kotu kai tsaye, akwai kotunan ƙananan ƙararraki a Kano da wasu jihohi da aka tsara don irin wannan bashin ba tare da dogon zama ba.

Abu biyu kar ki ɓata lokaci a kansu. Banki ba zai janyo kuɗin da kika tura da hannunki ba don kawai kaya sun zo a fashe. 'Yan sanda kuma ba masu karɓo bashi bane, dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, sai fa in damfara ce, ya karɓi kuɗi ya rufe layi ko ya turo kwali da duwatsu. Sannan ki yi hankali da ɗora hotonsa a soshiyal midiya ana kiransa ɓarawo, zai iya juya maganar ta koma ɓata suna ki zama ke ce mai kare kai.

Inda wannan dokar bata kai ba

In sari kike yi, wato talabijin biyar kika ɗauko don ki sayar a shagonki, dokar 2018 bata ɗauke ki a matsayin mai saye don amfanin kai ba, wata ukun nan ba naki bane, abin da zai yi aiki shi ne yarjejeniyarku da dokar ciniki ta gama gari, don haka 'yan sari su suka fi kowa buƙatar rubuta wa zai ɗauki asarar hanya. In na hannu kika saya aka nuna miki tabon a hoto kika ce kin yarda, ba za ki dawo da shi saboda wannan tabon ba, amma wani lahanin daban da aka ɓoye maganarsa daban ce. In kuma daga wani shafi na ƙasar waje kika yi oda wanda bashi da ofishi a nan, haƙƙin yana da wuyar karɓowa ta hukumominmu, abin da ke hannunki shi ne maɓallin ƙorafi na cikin manhajar, kuma yana da wa'adi, ki buɗe ƙorafin da bidiyonki kafin wa'adin ya cika, kar ki danna cewa kin karɓi kaya lafiya don kawai mai sayarwa ya roƙe ki ya ce zai turo wani daga baya, domin da yawan manhajojin da wannan dannawar suke sakar masa kuɗinsa.